Kundin aiki: yadda muka rubuta sanarwar makara da fashi ga masu duti uku

Litinin, 5 Satumba 2022

Manaja ya kira ni da safen nan ya miƙo mini takarda mai shafi ɗaya, ya ce in mayar da ita Hausa, a manna a allon sanarwa kafin ƙarshen mako. Kamfaninmu na robobi ne a Sharaɗa, nan Kano. Muna yin bokiti da buta da kwanduna, kuma injinan ba sa hutawa. Duti uku muke yi: na safe daga 6 zuwa 2, na rana daga 2 zuwa 10, na dare daga 10 zuwa 6. Wanda ke kan inji ba ya barinsa sai mai karɓarsa ya iso, domin idan aka bar roba a cikin tukunyar inji da zafinta, ƙonewa take yi, sai an ɓata kaya kafin launi ya dawo daidai. Saboda haka makarar mutum ɗaya ba ta tsayawa a kansa. Wanda ya kwana a tsaye shi ke biyan bashin.

Ma'anar takardar ita ce: daga yanzu wajibi ne ma'aikata su riƙa zuwa a kan lokaci, ba za a lamunci yawan makara ba, duk wanda ya yi fashi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba za a ɗauki matakin da ya dace a kansa. Na karanta sau biyu, na ce, "Yallaɓai, ka ba ni mako biyu." Ya ce jimla uku ce fa. Na ce shi ya sa. "Daga yanzu" yaushe ke nan? "A kan lokaci" a agogon wa? "Yawa" sau nawa? Wa zai ce dalili ya yi ƙwari? Wane mataki? Idan na manna ta haka, sufabaiza uku za su yi mata fassara uku, kuma ranar da aka hukunta wani aka ƙyale wani, ba makara za a tattauna ba, son kai za a ce an yi. Ya yarda da mako biyun.

Laraba, 7 Satumba

Ban taɓa biro ba tukuna. Yau tun 5:30 na asuba ina bakin get ina kallon yadda ake shigowa, domin ban so in rubuta doka a kan abin da nake zato.

Abu na farko da na gani: agogo uku muke da su, kuma ba su jitu ba. Na bangon ɗakin maigadi yana gaba da minti shida. Na cikin ɗakin injina yana baya da minti huɗu, ƙurar roba ta ma dushe gilashinsa. Na'urar dangwala yatsa ita ce ta yi daidai da wayata. Wato tsakanin agogon maigadi da na ɗakin injina akwai minti goma cur. Mutum zai iya shigowa maigadi ya ce masa ya makara, ya isa ciki sufabaiza ya ce ya zo da wuri, kuma duk su biyun ba su yi ƙarya ba.

Na biyu, kalmar "zuwa". Na bi wani saurayi da ido. Ya shigo get 5:57, ya kafe kekensa a rumfa, ya tsaya layin dangwala bayan mutum goma sha ɗaya, ya dangwala 6:03, ya shiga ɗakin canza kaya ya sa rigar aiki da takalmi, ya isa kan injinsa 6:12. To ƙarfe nawa ya zo? Shi zai rantse kafin shida ya zo. Na'ura ta ce ya wuce da minti uku. Wanda ya kwana kan injin kuwa ya san minti goma sha biyu aka ci masa. Dole sanarwar ta zaɓi ɗaya daga cikin ukun nan ta ambace shi da suna.

Na zaɓi dangwala, ba don ita ce ta fi adalci ta kowace fuska ba, sai don ita kaɗai ce ke barin shaida da ba ta bakin mutum ba. Amma layin nan na mutum goma sha ɗaya laifin kamfani ne, ba na ma'aikaci ba. Na'ura ɗaya ce ga masu shiga da masu fita, kuma masu dutin dare yatsunsu da maiƙo, sai sun goga sau biyu ko uku take karɓa. Na rubuta wa manaja cewa ko dai a ƙara na'ura, ko a ba da rangwamen minti goma. Na sa an sauke agogon ɗakin maigadi, an saita na ciki.

Alhamis, 8 Satumba

Shugaban sashen kuɗi ya kawo shawara a sa tarar naira ɗari biyar kan kowace makara, a cire a albashi. Na ce ba zai shiga takardar ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 5, ta hana mai aiki cire wani abu daga ladan ma'aikaci da sunan tara. Abin da ta bari shi ne cire wani abu daidai gwargwado saboda ɓarna ko asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci, shi ma sai jami'in ƙwadago mai izini ya amince a rubuce tun kafin a cire. Sashe na 7 kuma ya ce idan an canza wani abu a cikin sharuɗɗan aikin da aka ba ma'aikaci a rubuce, a sanar da shi a rubuce kada a wuce wata ɗaya da canjin. Saboda haka manna takarda a allo kaɗai bai ishe ni ba, kowa zai karɓi tasa a hannu. Sai sashe na 16, wanda ya ba ma'aikaci albashinsa har kwanakin aiki 12 a shekara idan rashin lafiya ta kwantar da shi kuma likita mai rajista ya ba da shaida. Wannan zai shiga sanarwar, domin kada mai zazzaɓi ya ji tsoron fashi ya zo ya tsaya kan inji yana layi.

Asabar, 10 Satumba

Rubutun farko ya fito. Abin da ya fi cin lokaci shi ne ƙananan kalmomi.

Na cire duk wani "a" da "za a". Hausa tana da daɗin ɓoye mai aikatawa: a sanar, za a duba, za a ɗauki mataki. A wa'azi ko a zancen ladabi wannan ado ne, amma a doka rami ne. "A sanar da wuri" bai faɗi wanda zai sanar ba, bai faɗi wanda za a sanar wa ba, bai faɗi ta wace hanya ba. Na mayar da shi: "Ka kira wayar sufabaiza." Na san wasu za su ga "ka" ɗin nan ya yi tsaye da yawa ga dattawan da suka haife ni. Na gwada "ku", sai na ga a wasu jimlolin ba a gane mutum ɗaya ake nufi ko dukan masu dutin. Na bar "ka", na ajiye girmamawar a gaisuwar farko da kuma bakina ranar karantawa. A ɓangaren masu shirya kaya, inda mata suka fi yawa, za a buga kwafi da "ki".

Na cire "ya kamata". A kunnen mutanenmu shawara ce, wanda ya bi ya kyauta, wanda bai bi ba bai yi laifi ba. Inda abu dole ne na rubuta dole, ko na ba da umarnin kai tsaye.

Na cire "kwana biyu". Na rubuta cewa wanda aka ba kwiri, wato takardar neman bayani kan laifi, ya amsa cikin kwana biyu, sai na tuna yadda muke cewa "kwana biyu ban gan ka ba" ga wanda muka yi wata uku ba mu haɗu ba. Ko an ɗauke shi a zahirinsa ma, ranar da aka ba ka takardar tana ciki ko ba ta ciki? Na sa awa 48 daga lokacin da ka karɓa, kuma za a rubuta lokacin a jikin kwirin.

Sai na tsayar da kalma ɗaya ga kowane abu. A baki muna cewa makara, muna cewa latti, muna cewa jinkiri. A takarda "makara" kawai za a gani daga sama har ƙasa, haka ma "fashi". Malamin Hausa zai ce maimaici ya yi yawa. Amma da zarar ka ce makara a layi na biyu ka ce jinkiri a layi na biyar, wani zai tambaya ko laifi biyu ne daban.

Talata, 13 Satumba

Yau na gwada takardar, kuma yau ce ranar da ta fi kowace amfani tun da na fara.

Na ɗauki mutum biyar: biyu daga dutin safe, ɗaya daga na rana, biyu daga na dare da na roƙa su jira ni bayan sun tashi. Na shigo da su ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya ari amsar wani. Ban tambayi kowa "ka gane?" ba, domin ba wanda zai ce wa ofis bai gane ba, "to" kawai zai ce. Sai na karanta musu, na ba su labari, na ce su yanke hukunci. Wane ya dangwala 6:10 daidai, ya makara? Wane ya makara ranar 29 da 30 ga wata da kuma 1 ga sabon wata, sau nawa ke nan? Dokar za ta fara aiki yaushe a wurinka?

Tambayar farko ta raba su uku da biyu. Na rubuta "rangwame har zuwa 6:10", wasu suka ce 6:10 tana ciki, wasu suka ce daga ita makara ta fara. Gyaran mai sauƙi ne, in daina faɗin inda rangwame ya ƙare, in faɗi inda makara ta fara: idan na'ura ta nuna 6:11 ko sama da haka, ka makara. Ta biyu ma ta raba su, domin muna rufe lissafin albashi ranar 25, wasu suka ɗauka "wata" na albashi ne. Na sa daga 1 ga wata zuwa ranar ƙarshe ta watan, na Turawa.

Ta uku ce ta tsayar da ni. Na rubuta cewa ga masu dutin dare dokar za ta fara "daren Litinin, 3 ga Oktoba". Wani dattijo da ya fi shekara goma kan injin bokiti ya ce, "Wato Lahadi da dare ke nan." Na ce a'a Baba, Litinin da dare. Ya dube ni ya ce, "Malam, idan aka ce maka daren Juma'a, yaushe kake zuwa wurin karatu?" Na ce Alhamis da dare. Ya ce, "To ka gani."

Gaskiyarsa. A lissafinmu na gado, irin na watan Musulunci, dare ne ke gaba da yini. Rana na faɗuwa an shiga sabuwar rana. Daren Juma'a shi ne wanda za a wayi gari Juma'a, daren Salla shi ne na jajibiri. Amma yaran da suka taso da kalandar makaranta da waya, a wurinsu daren Litinin shi ne daren da ya biyo bayan yinin Litinin. Abokin dutinsa, ɗan shekara ashirin da wani abu, haka ya fahimta. Mutum biyu a duti ɗaya, inji kusa da inji, kalma ɗaya ta raba su da awa 24.

Da na koma ofis na buɗe tsohuwar rajista, sai na tarar da abin da na daɗe ina ɗauka sakaci ne. Sau da yawa idan an canza wa mutum duti da baki, aka ce "ka koma daren Laraba", sai ya bayyana Talata da dare ba a nemansa, ko a neme shi a rasa. An rubuta wa wasu fashi a kan wannan. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mutanen nan sun zo aiki, harshe ne ya raba mu. Daga yau ba "daren kaza" a kowace takarda da za ta fita daga ofishina, har da jadawalin duti. Za a rubuta ranar biyu: "Litinin 10:00 na dare, wayewar garin Talata." Kuma duk dutin dare za a lissafa shi a ranar da ya fara, ko da a wani watan ya ƙare.

Alhamis, 15 Satumba

Na zauna da wakilan ma'aikata. Ba su yi gardama kan minti goma ba. Abin hawa suka kawo.

Tun 21 ga Yuli gwamnatin jiha ta hana Adaidaita Sahu zirga-zirga daga 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma acaɓa ta ɗaukar fasinja an hana ta a cikin birni tun 2013. Dubi yadda awannin suka faɗo daidai kan canjin dutinmu. Mai dutin safe dole ya baro gida kafin shida, lokacin da babu Adaidaita. Mai dutin rana yana tashi goma, daidai lokacin da suke ajiyewa. Mai keke ko babur nasa ba ruwansa, haka wanda ke nan Sharaɗa ko Ja'en. Amma wanda ke Rijiyar Lemo ko Hotoro fa? Wani ya ce mini, "Oga, ni fa sallar asuba a hanya nake yi, a ƙafa nake tahowa har in sami mai rage mini hanya." Da na duba sunayen masu yawan makarar safe tun ƙarshen Yuli, mafi yawansu na nesa ne marasa abin hawa.

Kalma ba ta gyara wannan. Duk yadda na tsara jimla, ba za ta kawo mutum daga Hotoro ba. Na gaya wa manaja ƙarara cewa idan muka sanar da doka ba mu taɓa wannan ba, za mu tara takardun gargaɗi ne kawai a kan mutanen da ba su da yadda za su yi. Akwai motar kamfani da ke mayar da masu tashi goma. Ya amince ta riƙa fita da asuba ta ɗauko masu dutin safe a matsaya biyu. Abin da ya rage nawa shi ne layi ɗaya: idan motar ce ta makara, ba a rubuta wa na cikinta makara.

Juma'a, 16 Satumba

Canjin ƙarfe biyu yana karo da masallaci. An daidaita: ranar Juma'a dutin rana zai fara 2:30, masu dutin safe da suka tsaya riƙon injina a biya su rabin awar. Wannan dama haka ake yi a aikace, ba a taɓa rubutawa ba ne. Yanzu ya shiga.

Litinin, 19 Satumba

Manaja ya sa hannu. An sayo na'urar dangwala ta biyu, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita, amma an bar rangwamen. Ga sanarwar kamar yadda za ta fita:

> Assalamu alaikum. Wannan sabuwar doka ce kan makara da fashi. Ta shafi kowa da ke dutin safe, na rana da na dare.
>
> Za ta fara aiki Litinin, 3 ga Oktoba 2022, ƙarfe 6:00 na safe. Ga masu dutin dare: Litinin 10:00 na dare, wayewar garin Talata.
>
> 1. Agogon na'urar dangwala kaɗai muke bi. Lokacin da ka dangwala shi ne lokacin zuwanka.
> 2. Ka makara idan na'ura ta nuna 6:11 na safe, ko 2:11 na rana, ko 10:11 na dare, ko sama da haka. Ranar Juma'a dutin rana 2:30 yake farawa, makara daga 2:41.
> 3. Ka yi fashi idan ba ka zo ba, ko ka zo bayan awa biyu da fara duti, kuma ba ka kira ba.
> 4. Idan ba za ka zo ba, ka kira wayar sufabaiza awa ɗaya kafin dutinka. Lambar tana ƙasan takardar nan. Saƙon baki ta hannun aboki ba ya cikin lissafi.
> 5. Idan ba ka da lafiya, ka kira, sannan ka kawo takardar likita ranar da ka dawo. Ba fashi ba ne.
> 6. Idan motar kamfani ce ta makara, ba ka makara ba.
> 7. Muna ƙirga makara daga 1 ga wata zuwa ƙarshen wata. Makara ta uku: sufabaiza zai yi maka gargaɗin baki. Makara ta biyar: ofishin ma'aikata zai ba ka gargaɗi a rubuce.
> 8. Fashi ɗaya: ofishin ma'aikata zai ba ka kwiri. Ka amsa cikin awa 48. Ba za mu yanke hukunci ba sai mun ji ta bakinka.
> 9. Idan mai karɓarka bai zo ba, ka gaya wa sufabaiza, kada ka bar inji. Ba za ka jira fiye da minti 30 ba, kuma kamfani zai biya ka lokacin da ka jira.
> 10. Babu tara. Ba za mu cire kuɗi a albashinka da sunan tarar makara ba.

Shugaban sashen kuɗi ya ce me ya sa za mu rubuta abin da ba za mu yi ba, yana nufin layi na goma. Na ce saboda tun makon jiya jita-jitar tara ta riga takardar shiga ɗakin injina, har an kai ta dubu biyu. Idan sanarwa ta yi shiru kan abin da kowa ke tsoro, shirun za a karanta. Na kuma dage kan layi na tara, domin dokar da ke cewa "ka yi, kada ka yi" daga sama har ƙasa, ba inda kamfani ya ɗora wa kansa komai, ba ta shiga zuciya. Wanda aka daɗe ana cuta a maganar nan shi ne mai jira, ya dace ya ga kansa a ciki.

Ban sa dalilai masu tsawo ba, ban sa maganar ci gaban kamfani ba. Dalilin zan faɗa da baki.

Laraba, 21 Satumba

Na karanta ta sau uku cikin awa 24, a kowane canjin duti, ina tsaye kan fale, abin nan da ake jera kaya a kai, a bakin ɗakin injina, masu shiga da masu fita duka suna nan. Na dare ban wakilta kowa ba, ni na zo da kaina, domin su ne kullum ke jin labari daga bakin wasu. Na fara da cewa dokar nan don wanda ya kwana a tsaye ce, ya samu ya tafi gida a kan kari. Na ga kawuna sun gyaɗa. Sai na karanta layi-layi ba ƙari ba ragi. Wannan da wuya, domin baki yana son ya yi bayani, kuma kowane bayani sabuwar doka ce. Idan na ce wa masu safe "ai ba za mu tsananta ba" ban faɗa wa masu dare ba, na koma gidan jiya.

Ba kowa ke karanta boko ba. Wani ma'aikacinmu da ya yi allo sosai ya rubuta ta da ajami, na sa wani daban ya karanta mini ita ina bin ta bokon da yatsa, muka gyara wuri ɗaya inda alƙaluman lokaci suka so su rikice. Akwai ta Turanci ga waɗanda ba su jin Hausa sosai, lambobin layukan iri ɗaya, yadda idan aka ce layi na huɗu kowa ya san abu ɗaya ake nufi. Na kuma ɗauki muryata ina karantawa, ƙasa da minti uku, aka tura a zauren WhatsApp na kowane duti. Kowa ya karɓi kwafinsa ya sa hannu ko ya dangwala, kuma a saman takardar sa hannun na rubuta "Na karɓa", ban rubuta "Na amince" ba. Mutum shida suna hutu ko jinya, na ware nasu da sunayensu.

Tambayar da aka fi yi: idan na'ura ta ƙi karɓar yatsa fa? Amsa: maigadi zai rubuta sunanka da lokacin da fuskar na'urar ke nunawa, ka sa hannu. Na manna wannan a jikin na'urar, tun da a nan ake bukatarsa.

Litinin, 26 Satumba

Makon gwaji. Ana ƙirgawa, ba a hukuntawa. Duk wanda ya dangwala bayan lokaci, sufabaiza zai ce masa, "Da mako mai zuwa ne, wannan ɗaya ke nan." Na tara sufabaizoji ukun na yi musu irin gwajin da na yi wa ma'aikata. Ɗaya ya ce shi idan mutum ya yi minti arba'in zai mayar da shi gida. Na ce ya nuna mini layin. Babu. To ba zai yi ba.

Talata, 4 Oktoba

Daren jiya duk masu dutin dare sun zo, ba wanda ya zo Lahadi yana zaton an fara. Da safen nan motar asuba ta iso 6:19 saboda faci, mutum goma sha huɗu a ciki. Maigadi ya rubuta lokacin shigowar motar, ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya zo ofis roƙo. Masu dare da suka jira an rubuta musu mintocinsu.

Laraba, 12 Oktoba

Rami ya fito a layi na huɗu, kuma nawa ne.

Wata mai shirya kaya a dutin safe ɗanta ya kwana da zazzaɓi. Ta kira wayar sufabaiza 4:50 na asuba, ta sake kira 4:55, ba a ɗauka ba, wayar tana caji a ofis shi kuma yana can wurin injin da ya tsaya. Ta wuce asibiti da yaron. Sufabaizan safe ya zo bai sami saƙo ba, ya rubuta fashi. Jiya ta zo da kwiri a hannu, ta ajiye wayarta a kan teburina, tsohuwar ƙaramar waya da aka ɗaure bayanta da roba, ta nuna mini kiran biyu da lokacinsu. Ta ce, "Malam, takarda ta ce ki kira. Na kira." Sufabaiza kuma ya ce shi a fahimtarsa kira sai an yi magana.

Ita ke da gaskiya, domin abin da aka rubuta ta bi. Na soke kwirin nan take, na ba ta haƙuri. Mutum biyar ɗin da na gwada ban ba su labarin wayar da ba a ɗauka ba, shi ya sa ramin ya tsallake. Akwai kuma na biyu a cikin layin: "wayar sufabaiza" awa ɗaya kafin duti tana hannun sufabaizan da ke shirin tashi, ba wanda zai neme ka ba. Sabon layin ya zama haka:

> 4. Idan ba za ka zo ba, ka kira wayar duti awa ɗaya kafin dutinka. Idan ba a ɗauka ba, ka sake kira sau ɗaya, sannan ka tura saƙon tes ko na murya da sunanka. Wannan ya isa. Idan larurar ta same ka a ƙurarren lokaci, ka kira da zarar ka samu dama.

Wayar yanzu tana wurin maigadi, da littafi a gefenta, yana rubuta suna da lokaci, sufabaiza mai shigowa yana dubawa kafin ya rubuta wa kowa fashi. Ban gyara tsohuwar takardar da biro ba. Na sauke ta daga allo gaba ɗaya, na buga sabuwa da kwanan wata a sama da rubutu "Gyara na 1: layi na 4 kaɗai ya canza", na sake zagaya duti ukun.

Litinin, 17 Oktoba

Mako biyu da farawa, mutum biyu sun kai makara ta uku, an yi musu gargaɗin baki, ba wanda ya musa lissafin. Baban injin bokiti ya tare ni a get ya ce jadawalin wannan watan shi ne na farko da bai sa jikansa ya tambayo masa ba.

Saura musayar duti. Mutum biyu sun yi musaya tsakaninsu ranar Asabar saboda ɗaurin aure, wanda ya karɓa ya makara da minti ashirin, na'ura kuma ta nuna mai dutin na asali bai zo ba sam. Wa za a rubuta wa, kuma me za a rubuta? Sanarwar ba ta ce komai ba, don haka ban rubuta wa kowa komai ba. Na tsara layi na goma sha ɗaya: musaya sai sufabaiza ya rubuta ta a littafi kafin dutin, kuma daga nan dutin na wanda ya karɓa ne. Gobe 6:15 zan gwada shi a kan mutum biyar da ba su cikin na farko, da labari uku, ciki har da wanda aka yi musayar aka fasa.